Wai an zuba guba a rijiyar layin masallaci?

Maman Hanifa (Laraba, 6:48 na safe)
Salamu alaikum 'yan unguwa, dan Allah wa ke da labarin abin da ya faru a rijiyar layin masallaci? Yanzu yarinyata ta dawo da bokiti ba ruwa, wai an koro su an ce kar kowa ya ɗiba, an ga wani da asuba yana zuba wani farin abu a ciki. Kuma na ji an ce yaran gidan mai niƙa biyu suna asibiti. Ni dai jiya da yamma a nan muka ɗebo na girki, hankalina duk ya tashi.

Abba Napep (6:53)
Maganan yara gaskiya ne, ni na kai su da kekena. Ƙaramin ko zama baya iyawa, uwan ce ta riƙe shi har muka isa. Na rijiya kuma yanzu nake ji a bakinki.

Ummi Tela (6:55)
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nima yanzu maƙociyata ta leƙo ta katanga tana faɗa min, ta ce ruwan har kumfa yake yi kuma yana wari. Jama'a duk wanda ya ɗebo yau ya zubar!

Sadiƙ Wunti (7:02)
Guba ce wallahi, an turo mana boyis a gurup ɗin 'yan kasuwa, wata mata ce take magana tana kuka, ta ce yara biyu sun riga sun rasu, uku na kwance. Ga shi nan na turo muku ku saurara da kunnenku.

Baban Halifa (7:06)
Sadiƙ wace mata ce? Ta faɗi sunanta? Na saurara sau biyu, ba ta faɗi unguwa ba, ba ta faɗi rana ba, "unguwarmu" kawai take cewa. Kuma in yara biyu sun rasu a layin nan ai da tuni an yi shela a masallaci an sa lokacin jana'iza. Ni da ni aka yi asuba.

Sadiƙ Wunti (7:08)
Yaya ni ma turo min aka yi. Amma ruwa baya tsami banza, ga yara a asibiti ga abu a rijiya, me kuma ake jira?

Hajiya ta Yelwa (7:15)
Subhanallahi, ni ina nan Yelwa labarin ya iso mu, mai aikina ce ta shigo da shi, a wajenta ma cewa aka yi rijiyoyi huɗu ne. Na kira ƙanwata a layinku ba ta ɗauka. Dan Allah wani ya leƙa min gidan mai koren get ya ce kar su sha komai sai fiyowata.

Ɗan Gwallaga (7:21)
Mu dai ruwan famfonmu lafiya lau ya zo jiya, fes da shi. Ta yaya mutum zai zuba guba a dam kamar Gubi har ta yi tasiri, kun san girman wajen kuwa? Mutane su daina faɗin abin da ba zai yiwu ba.

Ummi Tela (7:23)
Malam ba maganar famfo ake ba, rijiya aka ce, rijiyar bakin masallaci. Ka karanta daga sama mana.

Matashi 07 (7:31)
An gano ko waye. Almajiran Alaramma sun ce Dogo mai garuwa suka gani a bakin rijiyan tun kafin a kira assalatu, shi da wasu baƙi biyu, da roba a hannu. Ku yi tunani, waye zai amfana in rijiya ta lalace? Duk layin sai dai a koma sayen jarka a wajensa. Dama ba ɗan ƙasan nan bane.

Abba Napep (7:35)
Kai ka ji tsoron Allah. Dogo mutumin Darazo ne, na san ƙanensa a tasha. Kuma shi ma ai a rijiyan nan yake cika wasu jarkokin in bohol ta yi layi, zai kashe wajen neman abincinsa ne?

Sadiƙ Wunti (7:40)
Ga hoto ma ya shigo, yara kwance a tabarma mutane sun taru.

Baban Halifa (7:44)
Ku buɗe hoton nan ku duba da kyau. Mutanen da ke tsaye duk da rigunan sanyi, ɗaya har da hular kunne, ƙasa a bushe ƙura ko'ina. Mu kuma muna tsakiyar Agusta, layinmu tun ruwan ranar Lahadi caɓi ne har yanzu. Wannan hoton na lokacin hunturu ne, kuma ginin bayansu babu irinsa a unguwar nan. Sannan a saman saƙon akwai rubutun "Forwarded many times", WhatsApp ba ya sa wannan sai saƙo ya bi hannu biyar ko fiye. Abin da aka ce ya faru da asubar nan, yaushe aka ɗauki hoton har ya zaga haka kafin takwas?

Matashi 07 (7:47)
Ku zauna nan kuna lissafin hula. Mu mun fita.

Anti Nas (8:05)
Yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da saƙo sun fi ɗari, ku saurare ni dan Allah. Ba zan faɗi sirrin mara lafiya ba, amma uwar yaran ta ce in gaya wa unguwa saboda abin da take ji ana faɗa: 'ya'yanta suna da rai, su biyun, babban har ya fara shan kunu. Ba wanda ya rasu.

Abba kai ka kawo su, ka faɗa wa mutane ƙarfe nawa ne.

Abba Napep (8:07)
Wajen sha ɗaya na dare Anti, jiya Talata. Uwan ta ce tun bayan magariba suka fara.

Anti Nas (8:14)
To kun ji. Yara sun fara ciwo jiya da magariba, abin da ake cewa an zuba a rijiya kuma da asubar yau ne. Ya za a yi abin da aka zuba yau ya kwantar da yaro jiya? Wannan kaɗai ya isa a raba maganar gida biyu.

Abin da ke damunsu amai da gudawa ne, gudawar ruwa-ruwa fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. An ɗauki samfur, sai sakamako ya fito zan iya cewa kwalara ce kai tsaye, amma kamarta ke nan. Ita kuma ba nan take take nunawa ba, mutum zai iya shan gurɓataccen ruwa yau sai bayan wasu awanni ko har kwana biyar ciwon ya fito. Ku tuna ruwan ranar Lahadi da ya cika kwata ya shiga gidaje, ni can na fi zargi. Da guba ce a rijiyar da gidaje da yawa ke sha, ba gida ɗaya za a kwaso ba, da layin gaba ɗaya na gani a daren jiya.

Maman Hanifa (8:18)
Alhamdulillah da yaran na raye. Anti to mu da muka yi girki da ruwan jiya fa? Kuma farin abun da aka gani menene?

Anti Nas (8:22)
Abincin da ya dahu ya tafasa ba shi ne abin tsoro ba, wanda aka sha ɗanye daga randa shi ne. Ki sa ido a kan yara kwanakin nan. Farin abu kuma ina da zato, amma bari wanda ya sani ya zo ya faɗa, kar nima in ƙara wata a kai.

Ummi Tela (8:40)
Jama'a ana hayaniya a bakin titi wajen mai shayi!! Samari sun tare Dogo sun kifar da kurarsa, ruwa duk ya malale, ina hangowa daga shago. Wani ya kira manya dan Allah, akwai masu sanda.

Abba Napep (8:46)
Ina wajen. Sun farfasa jarkokin, wani ya rotsa masa goshi da dutse jini na zuba. Baba mai goro ne ya ja shi cikin zaurensa ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa ya ce duk mai son shiga sai dai ya bi ta kansa. Dogon sai rantsuwa yake yana cewa a tambayi mai unguwa, a tambayi mai unguwa, ba mai sauraronsa.

Baban Halifa (8:49)
Na kira gidan mai unguwa, sun taho. Matashi 07 in kana cikin mutanen nan ka janye abokanka tun kafin 'yan sanda su zo, sunanka da abin da ka rubuta duk suna nan a rubuce.

Ɗan gidan Mai Unguwa (9:30)
Salamu alaikum. Baba ya ce in rubuto wannan a nan kowa ya gani. An kwantar da rikicin, an kai Dogo an ɗinke masa goshi.

Abin da aka zuba a rijiya kulorin ne, maganin tsaftace ruwa, kuma da sanin Baba aka zuba. Tun ranar Litinin aka kai rahoton cewa ruwan kwata ya shiga rijiyar bayan ruwan Lahadi, har launinta ya canza. Ma'aikatan lafiya biyu suka zo, su ne baƙin da ake faɗa. Sun zaɓi asuba ne don a zuba kafin mata da yara su fara ɗiba. Dogo kuma Baba ne da kansa ya sa shi, saboda shi ke da doguwar igiya da guga babba, ya taya su auna zurfin ruwa, kuma shi zai kwashe ruwan gobe. Ko sisi ba a biya shi ba tukuna.

An ba ladan saƙo ya yi sanarwa bayan sallar asuba, babu wuta, batirin lasifika kuma ya mutu, sai ya faɗa da baki ga waɗanda ke sahun gaba. An bar yaro ɗaya ya tsare bakin rijiya yana korar masu ɗiba, shi kuma ba a yi masa bayanin dalili ba.

Baban Halifa (9:36)
Ni ina sahu na uku, kuma ana sallamewa na fita, ban ji ba. To mata fa da su ne masu ɗibar ruwan, wa aka ce ya gaya musu? Da an rubuta a kwali an ɗaura a murfin rijiya, ko an turo layi biyu nan tun daren jiya, da duk ba a kai ga haka ba. A faɗa wa Baba wannan cikin ladabi.

Ɗan gidan Mai Unguwa (9:39)
Zan faɗa masa Yaya. Amma rashin kwali ba shi ya ɗauki dutse ba.

Ummi Tela (9:44)
To warin da kumfar da aka ce fa?

Anti Nas (9:52)
Warin bilic ne Ummi, irin wanda kike ji in kina wankin fararen kaya, dangin abu ɗaya ne. In za a wanke rijiya ana zuba shi da ƙarfi fiye da na sha, shi ya sa ake rufe ta a bar shi ya kwana, washegari a kwashe ruwan har sai warin ya ragu sosai kafin a bar mutane su ɗiba. Kar kowa ya sha na yau, ba don guba ba, don maganin ya yi yawa a ciki zai iya damun maƙogwaro da ciki.

Ɗan Kemis (10:05)
Ni shawarata kowa ya nemi alif ya jefa a randa, mu tun muna yara da shi ake gyara ruwa, minti kaɗan za ka ga ya yi garau. Wanda kuma gudawa ta kama ya sha Flagyl da maganin tsayar da ita, akwai su a shago.

Anti Nas (10:16)
Ƙanena rabin maganarka daidai ne. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwa zai iya yin garau kuma ya kwantar da gida guda. In an sa alif a tace, sannan a tafasa shi ya yi tafasa sosai, ko a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30 kafin a sha.

Na biyun kuma dan Allah ka daina ba yara maganin tsayar da gudawa, kuma Flagyl ba maganin kwalara ba ne. Abin da ke kashe mutum a ciwon nan ƙarewar ruwan jiki ne, cikin awanni yake gamawa da yaro. ORS leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, in ya amayar a jira kamar minti goma a ci gaba. In babu leda a gida, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. In kuka ga ido ya faɗa, ko kun ja fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ba zancen kemis kuma, sai asibiti a sa ruwa. Wanda ya ga 2021 a garin nan ya san abin da nake faɗa, Bauchi na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a shekarar.

Ɗan Kemis (10:20)
Na ji na yara Anti. Amma manya suna sha suna samun sauƙi, wannan da idona nake gani kullum.

Alhaji Tsoho (11:02)
Ni fa har yanzu ban natsu ba. Mutum biyu su zo cikin duhu su zuba abu a ruwan da iyalinmu ke sha, a ce mana magani ne, shikenan mu yarda? Wa ya ga takardarsu? Mu da muka san abin da ya faru a Kano a 1996, aka yi gwajin magani a kan yara lokacin annobar sanƙarau, ba za a ce mana tsoro hauka ne ba. Wasu ma cewa suke na hana haihuwa ne.

Malam Ticha (11:20)
Alhaji abin Kano ya faru da gaske, ba mai musun wannan, kuma tambayar takarda tambaya ce mai kyau, a kai ta gaban mai unguwa. Amma jimlarka ta ƙarshe ita nake roƙo ka janye. Su waye "wasu"? Da safe da irin wannan kalmar aka fara har aka fasa wa bawan Allah kai. Kuma ka tuna zancen hana haihuwa shi aka yi a kan allurar shan inna a 2003, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara, cutar ta dawo ta nakasa yara har ta tsallaka wasu ƙasashe. Kulorin kuwa shi ake sa wa a ruwan famfo kafin ya iso gidanka, ba baƙo ba ne.

Alhaji Tsoho (11:26)
Malam a nuna min robar da takardar, in na gani na yi shiru. Gani ya kori ji.

Ɗan gidan Mai Unguwa (11:31)
Baba Alhaji robar tana zauren gidanmu da rubutunta a jiki, ɗaya daga cikin ma'aikatan kuma zai dawo gobe da safe wajen kwashe ruwa. Ka zo ka tambaye shi da bakinka, za a sa maka kujera.

Malam Ticha (4:15 na yamma)
Bayan an tashi makaranta na ɗan zaga, don ina son in san ta inda maganar ta bi. Ba zan kama suna ba.

Almajiri ne ya fara ganinsu, ya gaya wa matar da yake yi wa aike cewa ya ga Dogo da wasu suna zuba farin gari a rijiya. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. Ita ta gaya wa kishiyarta kar a ɗebo ruwa yau an zuba wani abu. Kishiyar ta tafi kai niƙa ta tarar da injin a rufe, aka ce ai yaran gidan suna asibiti. A bakin ƙofar nan, mata suna tsaye da kwanukan masara, aka haɗa zancen biyu ya zama ɗaya. Ba wadda ta tambayi yaushe yaran suka kwanta. Daga nan wata ta kira 'yarta da ke aure a wata unguwa, ta ce yara biyu "rai a hannun Allah", ita kuma da ta tashi faɗa wa mijinta sai ta ce sun rasu. Mijin a Muda Lawal yake kasuwa. Kafin bakwai zancen ya dawo mana daga kasuwa da gawa biyu, mu kuma da muka ji shi daga waje sai muka ɗauka shaida ce ta biyu, alhali maganarmu ce ta zaga ta dawo.

Boyis ɗin ne ban iya gano tushensa ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce turo masa aka yi. Wata malama a makarantarmu ta ce kamar ta taɓa jin muryar nan bara a kan wani zance daban, amma ba ta rantse ba.

Sadiƙ Wunti (4:28)
Malam duk an juyo kaina, har a kasuwa ana nuna ni. Ni ban ƙirƙiri komai ba, abin da aka turo na turo, niyyata a kare yara. In da gaskiya ne fa na yi shiru wani ya sha ya mutu, da me za ku ce? Kuma ai ba ni na fara kawo maganar nan ba.

Maman Hanifa (4:35)
In da ni kake Sadiƙ, ka koma sama ka karanta. Tambaya na yi, ban ce guba ba, ban ce an mutu ba, ban kira sunan kowa ba. Uwa ce ni aka koro min yarinya daga rijiya, ina zan tambaya in ba nan ba?

Baban Halifa (4:44)
Maman Hanifa ba ki yi ƙarya ba, amma rijiya da yaran a saƙo ɗaya kika sa su, duk wanda ya karanta haɗe ya gan su. Sadiƙ kai kuma da cewa ka yi a dakata da ruwan har a bincika, ba mai ganin laifinka, hakan ya isa ya kare yaran. "Guba ce wallahi" ka rubuta, ka rantse a kan abin da ba ka gani ba.

Maman Hanifa (4:47)
Yadda na ji haka na tambaya Baban Halifa. Da ban tambaya ba ma Anti Nas ba za ta samu inda za ta yi bayani ba, a can wajen niƙa maganar za ta ci gaba da girma ba mai tare ta.

Alaramma (5:10)
Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 6, in an zo muku da labari ku bincika, kada ku cutar da wasu mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Yau a layinmu aka yi tafsirinta. Sannan ina roƙo a bar almajirina, tun rana ake tare shi ana cewa shi ya haddasa, yaro ɗan shekara goma da ya faɗi abin da idonsa ya gani. Haƙƙin Dogo yana kan masu dutse da wanda ya nuna shi.

Hajiya ta Yelwa (6:02)
Na tura bayanin ɗan gidan mai unguwa a gurup uku da na ga zancen, mutum biyu kaɗai suka amsa. Yanzu kuma jikata da ke Gombe ta kira tana tambaya wai gaskiya ne an kama mai garuwa da guba a Bauchi an kashe shi. Na ce mata yana nan da ransa.

Matashi 07 (Alhamis, 7:20 na safe)
Kowa sai zagina yake ta inbos. Na yarda ba guba bane, amma wa ya tabbatar ba ruwan Dogo ne ya sa wa yaran ciwo ba? Gidan mai niƙa a wajensa suke saye. Kun taɓa leƙa cikin jarkokin masu garuwa? Wasu har kore suke yi a ciki.

Anti Nas (7:41)
Maganar jarka gaskiya ce, jarkar da ba a wankewa tana ɓata ruwa mai kyau, kuma ba ta Dogo kaɗai ba, har randunanmu da mazubin da yara ke tsoma hannu a ciki. Zai iya zama daga jarka, zai iya zama daga rijiyar kafin a wanke ta, zai iya zama abin da suka saya suka ci a hanya. Da an bar jarkokin da an ɗauki ruwan cikinsu an gwada, ku kuka zubar da shi a titi. Kuma ko da daga nan ne, rashin wanki daban, zuba guba da gangan daban, wanda ka faɗa jiya na biyun ne.

Abin da ya fi damuna ma ba a fara maganarsa ba. Masan gidan da ke bayan masallaci, taku nawa ne tsakaninsa da rijiyar? Abin da ake so tsakanin rijiya da masai ya kai kamar mita 30, wannan ko rabi ban ga ya kai ba, bakin rijiyar kuma ya tsage ga shi daidai da ƙasa. Kulorin na jiya zai wanke abin da ke ciki ne kawai, in aka sake ruwa mai ƙarfi za mu koma inda muke. Sai an ɗaga bakinta da siminti an yi mata daɓe da murfi mai kyau.

Ɗan Gwallaga (7:50)
Shi ya sa na ce famfo ya fi. Ku haɗa kuɗi a ja muku layi kawai.

Ummi Tela (7:58)
Masan nan na gidan haya ne, mai gidan ma ba ya gari. Wa zai iya ce masa ya rufe?

Alhaji Tsoho (9:15)
Na je na ga robar, na kuma yi magana da yaron ma'aikatan lafiya, ya nuna min katinsa. Na gamsu da wannan. Amma na gaya wa mai unguwa a gabansa, nan gaba da rana tsaka za a yi, a tara masu gidaje tukuna.

Abba Napep (9:32)
Dogo bai zo kwashe ruwan ba, samari uku aka samu suka yi. Na je ɗakinsu a bayan tasha, yana kwance da bandeji, ya ce in ya ji sauƙi gida zai tafi sai bayan kaka. Kuran ma ba nasa bane, haya yake ɗauka yana biya kullum, mai shi ya ce sai an biya shi jarka tara da taya ɗaya da ta lanƙwashe. Yau masu garuwa ko ɗaya bai shigo layinmu ba, sun ce tsoro suke ji.

Maman Hanifa (9:40)
Wallahi tun safe muke neman ruwa, har layin makaranta na aika yara. A buɗe asusu a biya masa, zan sa nawa.

Baban Halifa (9:48)
Ni ban yarda unguwa ta biya jarkoki ba. Kuɗin magani da na abinci mu haɗa masa, wannan zumunci ne. Amma ɓarna wanda ya yi shi zai biya, an san su, da rana aka yi. In muka rufa musu yau gobe wani za su tare.

Alaramma (9:57)
Baban Halifa a fara fitar da bawan Allah daga bashin mai kura, shi ba zai jira a gama shari'a ba. Daga baya a bi iyayen yaran su mayar wa asusu.

Baban Halifa (10:01)
Allah gafarta Malam, in aka biya ba mai sake bin kowa, mun san halinmu.

Ɗan gidan Mai Unguwa (10:20)
Baba ya ce a haɗu a ƙofar gida yau bayan isha'i, masu gidaje da iyayen samarin da aka rubuta sunayensu, za a yi maganar jarkoki da ta gyaran bakin rijiya. Mata masu magana su ba Anti Nas ta zo da ita. Rijiya kuma a bar ta tukuna, har yanzu da sauran wari, za a sake kwasa da la'asar.

Anti Nas (10:34)
Zan zo in ban koma aiki ba. Abba in kana kusa ka biyo layin makaranta gida na uku bayan turansifoma, akwai wata tsohuwa da ta fara tun dare, na ce su haɗa mata ORS kafin ka iso.

Abba Napep (10:36)
Ina Wunti na sauke fasinja, gani nan zuwa.